Idan sunanka ya fito a tawagar Guangzhou, gida kuma ya riƙe ka

Sau biyu a shekara, a watan Afrilu da kuma na Oktoba, ake buɗe kasuwar baje koli ta Canton a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wadda ake ci tun 1957. 'Yan kasuwar Kano sun san hanyarta. Wasu kan tafi su kaɗai, wasu kuma a tawaga, ƙarƙashin ƙungiyar kasuwarsu ko wani kamfanin shirya tafiye-tafiye. Shiga tawaga na da daɗi, domin wani ne zai yi maka fafutukar takardar gayyata da masauki da tafinta. Shi ya sa idan aka ce da mutum "Alhaji, mun sa sunanka", yakan yi masa nauyi ya buɗe baki ya ce ba zai je ba, ko da kuwa ya san akwai abin da ya ɗaure shi a gida.

Mu ɗauki misalin wani mai sayar da yadi a Kantin Kwari. Baje kolin kashi uku ne, kowane kashi kwana biyar. Na farko na injuna da kayan lantarki ne, na biyu na kayan gida, na uku kuma shi ne na yadi da tufafi da takalma. A zangon kaka, kashi na uku yakan fara ranar 31 ga Oktoba ya ƙare 4 ga Nuwamba, don haka can mutumin namu zai dosa. Idan aka haɗa da tafiya da dawowa da zagayen masana'antu, sai ya shafe kusan mako biyu ba ya gari. To ga mahaifiyarsa ana kai ta wankin ƙoda sau biyu a mako, shi ne babban ɗa, shi ke magana da likita, shi ke biyan kuɗi. Ƙannensa na nan, amma tsohuwa ba ta yarda da hannun kowa sai nasa.

A nan ne da yawa ke yin kuskure, kuma kunya ce ke jawo shi. Shugaban tawaga zai kira, mutum ya ce "in Allah ya yarda, Alhaji", alhali a ransa ya san da wuya. Shi yana ganin ladabi ya yi. Shugaban kuwa ya ji "e", ya aika da suna.

Abin da ya kamata a sani shi ne, kujerar tawaga tana manne wa mutum a hankali, mataki bayan mataki. Lokacin da sunanka ke cikin jerin da ke hannun sakatare kawai, cire shi alƙalami ne, wani ya maye gurbin ba tare da asarar ko sisi ba. Da zarar an fitar da takardar gayyata, ta zo da sunanka da lambar fasfonka, ba mai iya amfani da ita sai kai. Daga nan sai biza ta kasuwanci, wadda Sinawa ke yi wa lakabi da harafin M. A fasfonka ake manna ta, ba a mayar da kuɗinta, ba a kuma juya ta ga ƙaninka ko yaron shagonka. Duk wanda zai maye gurbinka sai ya faro daga tushe, da fasfo mai sauran aƙalla wata shida, kuma wannan aikin makonni ne.

Tikitin jirgi ya fi kowanne ciwo. Idan wakilin tafiye-tafiye ya kama kujeru a dunƙule, sau da yawa ana iya sauya suna kafin a fitar da tikitin. Bayan an fitar kuwa, yawancin kamfanonin jirage ba sa yarda a ba wani, sai dai a soke a cire tara. Wanda ya yi shiru har jirgi ya tashi babu shi, tararsa ta fi ta wanda ya soke tun da wuri. Kuma asarar ba a kansa kaɗai take tsayawa ba. Kuɗin motar da za ta riƙa kai jama'a filin baje koli na Pazhou, da ladan tafinta, da ɗakin da aka kama wa mutum biyu, duk an raba su ne bisa yawan kawuna. Kai ɗaya ya fita, sauran su biya. Irin wannan ne ke sa shekara mai zuwa a tsallake sunan mutum ba tare da an ce masa komai ba.

A ganina, uzurin gida iri biyu ne, kuma ya kamata mutum ya gane wanne ne nasa tun ranar da aka tuntuɓe shi. Akwai mai rana, kamar ɗaurin auren 'ya ko watan haihuwar uwargida. Wannan a duba kalanda ne kawai. Haka 'yar kasuwar da mijinta ya rasu: takaba wata huɗu da kwana goma ce, ana iya lissafa ranar fitarta. Akwai kuma marar rana, irin jinyar mahaifiyar mutumin namu, wanda yau da sauƙi, gobe jiki ya rikice. Shi ne ke yaudarar mutane su yi ta jira ko za a samu sauƙi. Ga mai irin wannan, tambayar ba ita ce ko tsohuwa za ta warware kafin Oktoba ba. Tambayar ita ce: idan aka bugo waya ina Guangzhou, akwai wanda zai tsaya a madadina? Babu jirgin da ke tasowa kai tsaye daga can zuwa Kano, sai an ya da zango a wani gari kamar Addis Ababa, don haka dawowar gaggawa na iya cin fiye da yini guda. Idan amsar babu ce, a janye tun suna bai bar teburin sakatare ba.

Faɗar ma tana da hanya. A je da ƙafa wurin shugaban tawaga, kada a aika saƙon waya. Ba sai an zayyana ciwon ba, mu ba ma tallar lalurar gida. Ya isa a ce: "Alhaji, na gode da aka tuna da ni. Hajiya ba ta jin daɗi, ni ke kanta, wannan karon ba zan samu zuwa ba. A ba wani gurbin, in Allah ya kai mu Afrilu a sa ni." Muhimmin abu shi ne "ba zan samu zuwa ba" ta fito fili. Daga baya a bi da rubutaccen saƙo ga sakatare, a kuma tambayi abin da aka riga aka kashe a kanka, a biya.

Rashin zuwa kuma ba ya nufin cinikin ya wuce. Mutumin namu zai iya ba wani amintacce cikin tawagar samfurin yadin da yake so, da farashin da ba zai haura ba, da yawan da zai iya ɗauka, tunda masana'antu na da mafi ƙarancin adadin da suke yarda su buga. Ya gindaya masa sharaɗi ɗaya: ya karɓo katin kamfani da samfur da farashi, amma kada ya ba da kafin alƙalami, wanda galibi kashi 30 cikin 100 ne, sai an yi magana. Agogon Sin yana gaban na Nijeriya da awa 7. Ƙarfe 10 na safe a Pazhou ƙarfe 3 na dare ne a Kano, don haka a tsayar da lokacin kiran bidiyo wajen ƙarfe 4 na yamma a can, wato 9 na safe a nan. Launi da ƙyalli za su iya fitowa a waya, amma nauyin yadi da laushinsa sai hannu, saboda haka babbar oda ta jira har samfur ya iso Kwari.