Ma'aunin Matakalar Bene

Magina sun daɗe da ƙa'idar da Bafaranshe François Blondel ya shimfiɗa a ƙarni na 17, cewa idan aka ninka tsayin taki sau biyu, aka haɗa da faɗin inda ƙafa ke sauka, jimlar ta kusanci santimita 63, gwargwadon takun ɗan Adam. Misali, bene mai tsayin santimita 306 yana buƙatar taki 18 masu tsayin 17 da faɗin 29, kuma wajibi ne su daidaita, domin saɓanin santimita guda kan jawo tuntuɓe. A tsakiya, inda matakala ke juyawa, a yi sarari wanda tsawonsa bai gaza faɗinta ba. A bar mita 2 tsakanin taki da rufi, madafar hannu kuwa a kafa ta a tsayin santimita 90.