Ka Gani, Ko Gaya Maka Aka Yi?

A ce mota ta buge mai babur a gabanka, 'yan sanda suka ce ka rubuta bayanin shaida. Fara da sunanka, ranar da abin ya faru, lokaci, da inda kake tsaye: "Ina bakin shagona, wajen ƙarfe 4 na yamma." Daga nan ka jero abubuwa daki-daki yadda suka auku.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne zato. Kada ka rubuta "direban yana waya" alhali hannunsa kawai ka hango kusa da kunne. Rubuta hannun da ka hango, sauran ka bar wa kotu. Maganar da ka ji kuwa, kawo ta yadda ta fito: ya ce, "Birki ya ƙi!" Idan ka mayar da ita "ya amsa laifinsa", wallahi ka ɗora wa bawan Allah abin da bai faɗa ba. Abin da mai shayi ya ba ka labari, shi ke da wannan shaidar.

Kafin ka sa hannu, karanta, ko a karanta maka. Idan ka tarar da kalmar da ba taka ba, ka nemi a gyara.