Ƙofa, Matakala da Ƙarfen Baranda: Yadda Ake Gane Hoton Gida Ya Yi Ƙarya

A Kano, Kaduna ko Abuja, da wuya a yau mai kuɗi ya fara haƙa harsashin bene bai ga gidan a waya ba tukuna. Mai zanen gini zai turo masa hoton tiri-di: falo shimfiɗeɗe, tayil na sheƙi, matakala ta naɗe zuwa sama, mota a ajiye a bakin ƙofa. Daga wannan hoton ake yanke shawara, wani lokaci har a biya kuɗin kayan aiki. Bayan wata goma sai mai gida ya shiga falon da aka gina ya ce an rage masa. Sau da yawa kuwa birkila bai rage ko inci ɗaya ba, hoton ne tun farko ya nuna girman da babu shi a takardar zane.

Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne ido ba ya ganin mita. Idan mutum ya kalli hoton ɗaki, ƙwaƙwalwarsa tana neman wani abu da ta riga ta san girmansa, sai ta auna sauran da shi. Abubuwa uku ne ta fi kamawa, domin jikin ɗan Adam ne ya tsayar da girmansu: ƙofar da yake wucewa ta ciki, matakalar da yake takawa, da ƙarfen da yake dafawa. In ɗayansu ya kauce daga awonsa na gaskiya, duk ɗakin sai ya kauce tare da shi a idon mai kallo.

A gine-ginen Najeriya na zamani, ƙofar ɗaki ta yau da kullum tsayinta mita 2.1 ne, faɗinta santimita 90. A Amurka inci 80 ce, wato mita 2.03, a tsofaffin gidajen Ingila kuma mita 1.98. Bambancin duk bai wuce santimita 12 ba, shi ya sa ƙofa ta zama ma'aunin farko. Mutum mai tsayin mita 1.7 idan ya tsaya a bakinta, kimanin santimita 40 ne za su rage sama da kansa. In a hoto an ga kan mutumin ya kusa taɓa saman ƙofa, ko kuma an ga ya tsaya a rabinta kamar yaro, to ko dai mutumin da aka liƙa ba daidai yake ba, ko ginin.

Akwai wata dabara da ta fi wannan kaifi, kuma ba ta buƙatar kwamfuta. Masu renda sukan ajiye kyamara a tsayin idon mutum, kusan mita 1.6 daga ƙasa. Muddin kyamarar a miƙe take, ba ta ɗaga sama ko sunkuyawa, to akwai layi ɗaya a kwance da ya ratsa hoton, wanda duk abin da ya taɓa yana kan tsayin mita 1.6 ne, kusa yake ko nesa. Ana gano shi ta bin layukan tayil da na silin zuwa inda suke nufin haɗuwa can ciki. Wannan layi ya kamata ya yanka kowace ƙofa a wajen kashi uku cikin huɗu na tsayinta, domin 1.6 cikin 2.1 kashi 76 ne cikin ɗari. Kuma idanun duk manyan mutanen da ke tsaye a dabe ɗaya su jeru a kusa da shi. Idan layin ya yanka ƙofa a tsakiya, an sauke kyamara zuwa kusan mita ɗaya, tsayin idon wanda ke zaune, kuma daga can rufi yakan yi kamar ya fi nisa. Wannan tsohuwar dabarar masu tallan gidaje ce, ba lallai a kira ta zamba ba, amma ya kamata mai gida ya san daga inda aka sa shi yake kallo.

Matakala ce ke da lissafi mafi daɗi, kuma a nan ne kuskure ya fi tsada. Tun a 1675 wani masanin gini Bafaranshe, François Blondel, ya lura cewa matakala mai daɗin hawa tana bin tsawon takun mutum: a ninka tsayin mataki sau biyu, a haɗa da faɗin wurin sa ƙafa, jimillar ta kama kusan santimita 63. Dokokin gini na yau ba su yi nisa da shi ba. Babbar dokar gini ta Amurka ta hana mataki a gine-ginen jama'a wuce inci 7, kusan santimita 18, ta ba gidajen zama rangwame zuwa kusa da santimita 20. Ingila ta yarda gidan mutum ya kai santimita 22, wanda duk mai ciwon gwiwa zai ce ya yi yawa.

A ɗauki misalin bene mai hawa ɗaya, inda daga daben ƙasa zuwa daben sama mita 3.15 ne. In ana son mataki na santimita 17.5, a raba 315 da 17.5, za a sami hawa 18 cif. Bisa lissafin Blondel, 63 a cire 35 saura 28, wato faɗin kowane mataki santimita 28. Wuraren sa ƙafa guda 17 ne, tunda na ƙarshe shi ne daben sama da kansa, don haka matakalar za ta ci mita 4.76 a ƙasa in a miƙe take. Wannan fili ne mai yawa a falo.

To sai mai renda, da yake aiki ya yi masa yawa, ya sauko da matakala shiryayya daga intanet. An yi ta ne don gida mai gajeren rufi, hawa 13, tsayinta mita 2.55. Ba ta kai daben sama ba, sai ya kama ta ya ja ta sama har ta taɓa. A hoto ta yi kyau. Amma yanzu kowane mataki ya zama 315 a raba 13, sama da santimita 24, wanda ya wuce duk dokokin da aka ambata. A ƙasa kuma wuraren sa ƙafa 12 ne kawai, mita 3.36. Ke nan hoton ya ba falon kyautar mita 1.4 da ba zai taɓa samu ba, kuma a wannan filin ne aka zana teburin cin abinci. Ranar da kafinta ya zo kafa katakon zuba kankare, zai bi takardar injiniya ya yi hawa 18, teburin kuma ya rasa wurin zama.

Gane wannan bai wuce ƙirga matakai da yatsa a kan hoton ba. A gida mai irin wannan tsayi, duk abin da ya gaza 16 abin tambaya ne. In matakalar ta karya kwana, a ƙirga ɓangarorin biyu a haɗa.

Jan da aka yi wa matakalar yana barin wata shaida. An ƙara mata tsayi da kusan kashi 24 cikin ɗari, kuma ƙarfen dafawar da ke jikinta ya miƙe tare da ita, daga santimita 90 zuwa 111. A ƙa'ida ƙarfen dafawa na matakala tsakanin santimita 90 ne da mita ɗaya, wajen ƙugun babban mutum. Na baranda ya fi tsayi, mita 1.1 a ƙa'idar Ingila, inci 42 a ta gine-ginen jama'a a Amurka, kusan rabin tsayin ƙofar da ke bayansa ke nan ko ɗan fi. Masu renda suna son gajarta shi don kada ya tare kyan taga, ko su ware sandunansa sosai don hoto ya sha iska. Ƙa'ida kuwa ta ce kada ƙwallo mai faɗin santimita 10 ta iya wucewa tsakanin sanduna, saboda kan jariri. Haɗarin a nan na gaske ne, domin mai walda da yawa hoton ake miƙa masa a waya, ba takardar awo ba, kuma abin da ya gani shi zai ƙera.

Ba kowane kuskure ne daga gaggawa ba. Wani daga ma'aunin manhaja yake fitowa. Zanen da aka yi a AutoCAD da milimita, in aka shigar da shi SketchUp aka bar zaɓin a kan inci, komai zai kumbura sau 25.4, ƙofa ta koma sama da mita 53. Irin wannan ba ya ɓuya. Wanda ya fi cutarwa shi ne gyaransa da ido: a matse ginin har ya yi kamar daidai, a bar shi da kuskuren kashi goma cikin ɗari da ba wanda zai lura sai an jera kujeru. Hanyar da ta dace a SketchUp ita ce a ɗauki Tape Measure, a auna abu ɗaya da aka san tsawonsa daga gefe zuwa gefe, a rubuta awon gaskiya, manhajar za ta tambaya ko ta daidaita ginin gaba ɗaya. A Blender kuma danna N yana buɗe wurin da aka rubuta Dimensions, inda ake karanta tsayin ƙofa da lamba.

Tayil ma shaida ne mai sauƙi. Ɗaki mai faɗin mita 4.2 da tayil na santimita 60 zai ɗauki guda bakwai daga bango zuwa bango. In hoto ya nuna goma, ido zai karanta ɗakin a matsayin mita shida. Haka teburi santimita 75 ne, mazaunin kujera 45, kantar kicin 90.

Waɗannan ma'aunai suna da iyaka. Gidajen alfarma na yanzu suna sa ƙofar shiga mai mita 2.4 ko fiye, kuma in aka auna falo da ita a kan 2.1 za a ɗauka ya fi ƙanƙanta. Wanda ke zana tsohon gidan ƙasa a cikin birnin Zariya ko Katsina shi kuma akasin haka zai tarar, domin ƙofofin wasu ɗakunan sai an sunkuya, in ya ɗora musu mita 2.1 ya ɓata fasalin ginin. Shi ya sa ƙwararru ba sa tsayawa a kan shaida ɗaya. Sukan gwada ƙofar banɗaki ko ta ɗakin kwana, su ƙirga matakai, su duba ƙarfen baranda, kuma in biyu sun yarda da juna ɗaya ya saɓa, shi ne ake komawa a auna. Mai gida da ba ya taɓa manhaja yana iya neman abu biyu kafin ya amince da hoto: a sa masa mutum mai mita 1.7 tsaye a bakin ƙofa da kuma a gindin matakala, sannan a faɗa masa tsayin kyamara da faɗin ruwan tabaranta. Tabarau na milimita 24 zuwa 35 shi ne na yau da kullum a hoton cikin ɗaki, in ya sauka zuwa 14 ko 16 ko shagon ɗinki zai fito kamar zauren taro.