Aikatau a Ƙarshe: Yadda Ake Warware Doguwar Jimlar Farisanci Zuwa Turanci

Jimlar Farisanci, harshen da ake yi a Iran da Afganistan da Tajikistan, takan fara da wanda ya yi aiki, ta kawo abin da aikin ya faɗa wa, sannan ta rufe da aikatau. Turanci kuwa, kamar Hausa, yana ajiye aikatau dab da mai aikin. A gajeriyar jimla bambancin ba ya tayar da hankali. Amma rubutun jaridu da na ofisoshi a Iran yakan cusa lokaci da wuri da dalili duk a tsakiya, har mai karatu ya ci layi uku bai san abin da aka yi ba.

Ga misali, an rubuta shi da haruffan boko:

"Modir-e madrese, ke hafte-ye gozashte pas az se mah morakhasi be Shiraz bargashte bud, name-ye mo'alleman ra be dalil-e kambud-e budje emza nakard."

Idan aka bi ta kalma bayan kalma, sai ta fito haka: shugaban makaranta, wanda makon jiya bayan hutun wata uku zuwa Shiraz ya dawo, wasiƙar malamai saboda ƙarancin kuɗi hannu bai sa ba. Kalmomi 23 ne, kuma guda 19 sun shiga tsakanin shugaban da abin da ya yi.

Saboda haka mai fassara daga ƙarshe yake farawa. A nan zai tarar da "emza nakard". Kalmomi biyu ne, amma aiki ɗaya suke nufi, wato sa hannu. Farisanci na yawan haɗa suna da aikatau irin su "kardan", ma'ana yi, don ya samar da sabon aikatau, kuma galibi kalma ɗaya ce ke ɗaukar su a Turanci. Gaɓar "na" da ke farkon "nakard" ita ce korewa. Wanda ya tsallake ta ya juya labarin gaba ɗaya, ya ce an sa hannu alhali ba a sa ba.

Daga nan sai ya nemi mai aikin da abin da aka yi wa aikin. Kalmar "ra" na taimakawa ƙwarai, domin tana biyo bayan sanannen abin da aiki ya faɗa wa. Abin da ke gabanta a misalin shi ne "name-ye mo'alleman", wasiƙar malamai. Ƙashin bayan jimlar ya fito ke nan: shugaban makaranta bai sa hannu a wasiƙar malamai ba. Da wannan Turanci zai fara.

Abin da ya rage shi ne kayan tsakiya. Kalmar "ke" ta buɗe ƙarin bayani a kan shugaban, bayanin kuma yana da nasa aikatau, "bargashte bud", wanda ke nuna dawowar ta riga ƙin sa hannun faruwa. Tunda yana da aikatau nasa, zai iya tsayawa da ƙafarsa. Sai fassarar ta zama jimla biyu a Turanci, bisa tsarin da Hausa ma za ta bi: "Shugaban makarantar bai sa hannu a wasiƙar malaman ba saboda ƙarancin kuɗi. Makon jiya ne ya dawo Shiraz, bayan hutun wata uku."

Raba jimla yana zuwa da nasa tarko. Jimla ta biyu na buƙatar wakilin suna, Turanci kuma dole ya bambanta namiji da mace. Farisanci ba ya bambantawa: kalmar "u" tana nufin shi ko ita, sau da yawa ma ba a kawo ta. Jimlar ba ta faɗi ko shugaban namiji ne ba. Mai fassara zai duba sauran rubutun, in bai samu ba ya maimaita muƙamin maimakon ya yi kintace.

Wani tarkon shi ne dalili ya manne wa aikin da ba nasa ba. Da an kai "saboda ƙarancin kuɗi" ƙarshen jimla ta biyu, da mai karatu ya ɗauka rashin kuɗi ne ya dawo da shugaban Shiraz. Kowane lokaci da wuri da dalili yana bin aikatau ɗin da yake tare da shi a asali.

Akwai kuma inda ba a so a raba. A takardar yarjejeniya ko doka, sharaɗi ɗaya da ya fara da "agar", wato idan, yana iya rufe ayyuka uku da ke bayansa. In aka yanka jimlar, na biyu da na uku sai su zama kamar ba su da sharaɗi. A irin wannan wuri ana barin sharaɗin a sama, a jera ayyukan a ƙarƙashinsa da lamba.

Bayan an gama, ana ƙirga aikatau da korewa na asali, a gwada su da na fassara. In lissafin bai zo daidai ba, ana komawa a duba ko wani abu ya zube a hanya.