Goge Rubutu Daga Hoto: Aikin Yana Wajen Mayar Da Bango

Sau da yawa akan ɗauki hoto mai kyau, na ango da amarya ko na sabon gida, sai an dawo a ga bangon da ke baya yana ɗauke da allon talla, ko tambarin kamfani, ko rubutun da yara suka yi da gawayi. A zamanin da, masu gyaran hoto kan shafe irin wannan da buroshi da fenti a kan takardar hoton. Yanzu kuwa da kwamfuta ake yi. Amma abin da mai koyo bai cika lura da shi ba shi ne, na'urar ɗaukar hoto ba ta taɓa ganin abin da ke bayan allon ba. Saboda haka duk wanda ya cire allon, wajibi ne ya gina bangon da kansa, da abin da ya aro daga sauran hoton.

Bari mu ɗauki misalin bangon bulo wanda ba a yi wa filasta ba, an kafa masa allon da ya rufe jeri uku na bulo, ga rana tana bugunsa daga hagu. A manhajar Photoshop, abin da gwani zai fara yi shi ne buɗe sabon shafi a saman hoton, ya ɗauki `Clone Stamp`, watau hatimin da ke kwafo wani wuri ya liƙa a wani, ya sa zaɓinsa a kan `Current & Below` domin hoton asali ya zauna yadda yake. Sai ya danne `Alt` ya zaɓi wurin aro.

To, a nan ne ake gane gwani. Ba daga tsakiyar bulo ake aro ba, sai daga mahaɗar layukan siminti, inda na tsaye ya gamu da na kwance, sa'an nan a sauke shi daidai inda irin wannan mahaɗa ya kamata ta faɗo. Layukan kwance uku ɗin nan su ake fara ja daga wannan gefe zuwa wancan, sai na tsaye, tare da tuna cewa magini ba ya ɗora gaɓa a kan gaɓa: gaɓar jeri na biyu tana faɗawa ne a tsakiyar bulon jeri na ɗaya. Bayan layuka sun tsaya, cike cikin bulo abu ne mai sauƙi. Kuma a yi aro daga jeri ɗaya da wurin da ake gyarawa, kusa da shi, don kuwa ƙasan bango ya fi samansa datti saboda fallatsin ruwan sama, gefen da rana ke bugu kuma ya fi haske.

Idan an ɗauki hoton a karkace, bulon nesa ya fi na kusa ƙanƙanta, hatimin kuwa bai san da wannan ba. Domin haka aka sa `Vanishing Point` cikin manhajar a shekarar 2005: mutum ya nuna mata kusurwoyi huɗu na bangon, ita kuma ta riƙa rage girman abin da aka aro gwargwadon nisansa.

Akwai kuma `Content-Aware Fill`, wanda ya fito a 2010, mai cike gurbi da kansa. Yana da amfani a bangon laka ko na filasta, inda babu layi. A bangon bulo kuwa yakan karya layuka, wani lokaci ma ya aro guntun rigar ango ya liƙa a bango, sai dai idan an iyakance masa wurin aro. Ko da wane makami aka yi, kada a manta da inuwar allon da ke damansa, da tsatsar da ta zubo daga ƙusoshi. Allo ya tafi inuwarsa na nan, wannan shi ne kuskuren da aka fi gani.

Yaya za a gane aikin bai yi ba? A buɗe hoton zuwa kashi 100 bisa 100. In wurin ya yi sulɓi fiye da kewayensa, buroshi mai laushin baki ne ya kashe ɓarɓashin hoton, sai a mayar da shi da `Add Noise`, kashi 1 ko 2 yakan isa. Sa'an nan a ƙanƙantar da hoton a nemi maimaici, watau tabo ɗaya ko tsaga ɗaya da ta bayyana sau biyu ko uku. Idon ɗan Adam yana da saurin kama wannan. Irin maimaicin ne ya tona asirin wani hoton birnin Beirut a watan Agusta na 2006, wanda aka ƙara wa hayaƙi da hatimi, har kamfanin dillancin labarai na Reuters ya janye shi ya kuma rabu da mai ɗaukarsa. Hoton biki da na talla ana gyara su da yardar mai su, amma a hoton labari gidajen jarida ba su yarda a cire ko da harafi ɗaya daga bango ba.