Ciwon Baya: Lambobin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Biya Kuɗin Katifa

Matashin da zai sayi sabuwar waya yakan shafe mako guda yana kwatanta RAM da ƙarfin batir da kyawun kyamara. Amma idan ciwon baya ya matsa masa ya je sayen katifa, abin da yake yi bai wuce ya danna ta da tafin hannu sau biyu, ya tambayi mai shago wacce ta fi tauri, ya biya a ɗaura masa a kan adaidaita sahu. Alhali katifar ma tana da nata lambobin, kuma a kanta jiki zai riƙa shafe awa bakwai ko takwas kowane dare har tsawon shekaru.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa mai ciwon baya sai katifa mai taurin katako. An gwada wannan magana a ƙasar Sifaniya, aka buga sakamakon a mujallar likitanci ta The Lancet a shekarar 2003. Mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu, irin wanda ba a gano wata takamaiman cuta da ta jawo shi ba, aka raba wa sabbin katifun sifirin. Wasu suka samu masu tauri sosai, wasu masu matsakaicin tauri, ba tare da an faɗa musu wacce aka ba su ba. Bayan kwana 90, waɗanda suka kwana a kan masu matsakaicin tauri sun fi samun sauƙin ciwo a kan gado, kuma ciwon ya rage hana su ayyukansu na yau da kullum.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ƙashin baya ba miƙe yake kamar sanda ba, yana da lanƙwasa a wuya da kuma ƙugu. Idan katifa ta yi tauri fiye da kima, kafaɗa da kwankwaso ne kaɗai ke ɗaukar nauyin jiki, ƙugu kuwa ya rataye babu abin da ya tallafe shi. Idan ta yi laushi da yawa, kwankwaso ya nutse ya bar sauran jiki a sama, mutum ya kwana a lanƙwashe. Ko ta wane ɓangare, da asuba bayan zai ba da labari.

Tauri daban, densiti daban

Masu shago sukan haɗa abubuwa biyun nan wuri guda, su ce wannan katifar mai babban densiti ce, don haka ta fi tauri. Ba haka abin yake ba. Densiti yana nufin nauyin soso a cikin kowace mita guda mai tsawo da faɗi da tsayi, ana rubuta shi da kg/m³, wasu kamfanoni kuma su taƙaita shi kamar D30. Yana nuna yawan sinadarin da aka zuba a cikin soson, wato tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya gaji ya lotsa. Tauri kuwa ƙarfin da ake buƙata ne kafin a danne soson, kuma masana'anta na iya sarrafa shi ta hanyar canza haɗin sinadarai. Ana iya samun soso mai densiti 35 mai laushi, a kuma samu mai 18 da ke da tauri ranar da aka fito da shi daga leda.

Wannan na biyun shi ne tarkon. A shago yana burge hannu, amma da yake iska ta fi yawa a cikinsa, nan da nan yake sakin jiki a daidai wurin da kwankwaso ke sauka. Ga soso na gama-gari, wanda bai kai 25 ba ya fi dacewa da ɗakin baƙi ko gadon yara. Babban mutum da zai kwana a kai kullum, musamman mai fama da baya, gara ya nemi 30 zuwa sama, mai jiki kuma ya ƙara hawa.

Yadda ake gano densiti idan ba a rubuta ba

A ɗauki misalin wani matashi mai nauyin kilo 85 da ke wuni a gaban kwamfuta, yana kwanciya ta gefe, yana tashi da ƙugu a ƙage. Ya shiga shago ya tarar da katifu biyu masu girma ɗaya, irin waɗanda ake kira huɗu da rabi, kaurinsu inci takwas. Duk biyun an lulluɓe su da yadi mai kyau, babu wadda aka rubuta densitinta, ɗaya kuma ta fi ɗayar tsada nesa ba kusa ba.

Abin da yake buƙata shi ne tef ɗin awo, da sikelin da ake hawa, da kalkuletar wayarsa. Ya auna ya samu tsawo santimita 190, faɗi 137, kauri 20. Idan aka mayar da su mita aka ninka, 1.90 × 1.37 × 0.20, za a samu kusan 0.52. Sai ya hau sikeli shi kaɗai, ya sake hawa rungume da katifar a tsaye, bambancin shi ne nauyinta. A ce ta farko ta ba da kilo 11, ta biyu kilo 17. Zai cire kamar kilo ɗaya na yadi da leda, sannan ya raba. Kilo 10 a raba da 0.52 ya ba da kusan 19. Kilo 16 kuwa ya ba da kusan 31. Ta farkon ba ta mutum mai kilo 85 ba ce, ko da a yau ita ta fi tauri a hannu.

Lissafin yana da iyaka. Yana aiki ne ga katifar soso zalla mai iri ɗaya daga sama har ƙasa, ba mai sifirin ko mai hawa-hawa ba. Haka kuma akwai masu zuba garin alli a cikin haɗin soso don ya ƙara nauyi a farashi mai rahusa, irin wannan soson yana da nauyi amma ba shi da ƙarko. Shi ya sa takardar garanti daga kamfanin da aka sani take da amfani, kuma a karanta a ga ko ta haɗa da lotsawa, da zurfin da za ta kai kafin a karɓi koke.

Sai kuma katifar da ake kira otofedik. Sunan bai ba da tabbacin cewa wani likita ya gwada ta ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwa an yi su ne da gutsattsarin soso da aka matse da gam, shi ya sa suke da nauyi da tsananin tauri. Suna daɗewa ba su lotsa ba, wannan gaskiya ne, kuma mai jiki da ke kwanciya rigingine na iya jin daɗinsu. Amma mai kwanciya ta gefe kamar matashin nan zai iya tashi da kafaɗa a sage, sai dai idan an ɗora mata shimfiɗar soso mai laushi ta santimita biyar ko kusa da haka a sama. Shi kuwa memori fom, wanda ke bin siffar jiki a hankali, yana rage matsi a kafaɗa da kwankwaso, amma yana riƙe zafi. Wanda ke kwana a watan Afrilu babu wuta babu fanka ya kamata ya yi tunani sau biyu.

Idan sifirin ake so

Iri biyu aka fi cin karo da su. Akwai Bonnell, tsohon tsari, inda sifirin ke da siffar kalangu, an kuma ɗaure su da juna da waya. Yana da araha, iska na ratsa shi, amma da yake a haɗe suke, idan aka danna wuri ɗaya sai maƙwabtansa su biyo. Nauyin kwankwaso yakan janyo tsakiyar katifar gaba ɗaya, kuma duk juyin da abokin kwana ya yi sai an ji shi. Na biyu shi ne foket, inda kowane sifirin ke cikin aljihunsa na yadi yana motsi shi kaɗai. Kafaɗa ta nutse gwargwadon nauyinta, sifirin da ke ƙarƙashin ƙugu kuma ya tsaya ya tallafe shi. Ga mai ciwon baya da ke kwanciya ta gefe, foket ya fi dacewa idan aljihu zai ɗauka.

Lambar kaurin waya, wato geji, tana tafiya ne a juye, domin 13 ta fi 15 kauri da tauri. Sannan a tuna cewa kowace katifar sifirin tana da soso a samanta, kuma yawanci shi ne ke fara mutuwa tun ƙarfen na da sauran ƙarfinsa. Tambayar densiti ba ta faɗi ba don an koma sifirin.

Gwajin da ya fi kowace lamba

Alamar “matsakaicin tauri” da ke jikin katifa ba ma'auni ɗaya ba ne a duk kamfanoni, kuma abin da mai kilo 55 zai ji da tauri, mai kilo 95 zai ji shi da laushi. Dole sai an kwanta. Ba zama a bakin katifa ba, kwanciya ta sosai kamar yadda aka saba a gida, na minti goma zuwa sha biyar, ko da mutanen shago na kallo. Kunyar minti goma ta fi ciwon shekara biyar sauƙi.

A nan waya ke da amfani. Matashin ya kwanta ta gefe da matashin kai mai tsayin da ya saba, abokinsa ya durƙusa ta bayansa ya ɗauki hoto a daidai tsayin katifar. Layin da ya taso daga wuya zuwa ƙarshen ƙashin baya ya kamata ya kasance a miƙe. Idan kwankwaso ya faɗa ƙasa, katifar ta yi laushi. Idan an ga sarari tsakanin ƙugu da katifa, kafaɗa kuma ta tokare sama, ta yi tauri. Mai kwanciya rigingine sai ya zura tafin hannu ƙarƙashin ƙugunsa: in ya wuce salin-alin akwai gibi, in ya ƙi shiga sam jiki ya nutse, abin da ake so shi ne ya shiga da ɗan matsi.

Kafin ma a fita kasuwa, yana da kyau a tabbatar tsohuwar katifar ce mai laifi. A cire zanin gado, a ɗora miƙaƙƙen katako a kanta daga gefe zuwa gefe, a auna zurfin ramin da ke tsakiya. Idan ya kai santimita uku ko huɗu, ta gama aiki. A leƙa ƙarƙashinta kuma, domin katakon gado da ya karye ko ya yi nisa da juna zai lotsar da sabuwar katifa komai tsadarta.

Akwai kuma ciwon da ba na katifa ba ne. Idan yana sauka zuwa ƙafa tare da sagewa ko rashin ƙarfi, ko ya zo da zazzaɓi ko rama, ko ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari, asibiti za a nufa, ba kasuwa ba. Idan kuwa riƙe fitsari ko bayan gida ya fara gagara, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓi, wannan na gaggawa ne, a ga likita a ranar.