Daren da na nemi ɗana a cikin bargo

Kwana goma sha biyu da haihuwata, ina jego a ɗakin mahaifiyata, na farka wajen ƙarfe uku na dare ina tone bargo da hannu biyu, ina kuka. Na tabbata jaririn ya nutse a cikin shimfiɗa, numfashinsa na yankewa. Inna ta haska tocila ta ce, "Ke 'yar nan, me kike nema? Ga shi can yana barcinsa." Yana kwance lafiya a katifarsa cikin gidan sauro, inda ni da kaina na ajiye shi. Washegari na kasa gaya wa kowa, don gudun kada a ce ishara ce.

Daga baya na gane cewa dubban mata sun yi wannan mafarki, kusan kalarsa ɗaya. A shekarar 2007, wasu masu bincike a birnin Montreal na Kanada, Tore Nielsen da Tyna Paquette, sun wallafa nazarin da suka yi kan mata 273, waɗanda 202 daga cikinsu masu jego ne. Cikin masu jegon da suka yi mafarkin jariri, kimanin kashi 73 cikin ɗari sun gan shi cikin haɗari, alhali a masu juna biyu kashi 42 ne. Mafarkin da ya riƙa maimaituwa shi ne nawa: jariri ya ɓace a gado, uwa tana laluba tana kiransa.

Me ya sa tsoron yake zuwa da wannan siffa? Dalili na farko yankewar barci ne. Sabon jariri yana neman nono kusan kowane awa biyu zuwa uku. Mafarkai masu ƙarfi kuwa sun fi zuwa a wani mataki na barci da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, kuma wanda aka tasa a tsakiyar wannan mataki shi ya fi tuna abin da ya gani. Mai jego ana tashin ta sau da yawa a dare guda, saboda haka mafarkin da wani zai manta, ita da shi take farkawa.

Na biyu, a wannan mataki sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro yana aiki sosai, sashen da ke auna abu da hankali kuma ya yi sanyi. Da rana uwa tana tambayar kanta ko yaron yana numfashi, ta leƙa, hankalinta ya kwanta. A cikin barci babu leƙawa, kuma mafarki ba ya yin tambaya, hoto yake nunawa. Sai "kada ya faɗi" ya koma jariri yana suɓucewa daga goyo, "kada in danne shi" ya koma jariri a ƙarƙashin bargo.

A nawa daren akwai ƙarin abu guda. Abin da na tuna na ƙarshe shi ne ina shayar da shi a ƙirjina. Na mayar da shi katifarsa cikin magagi, wannan bai zauna a kaina ba. Da na farka, jikina na jin nauyin matashin kai a gefena, hannuwana babu kowa, sai ƙwaƙwalwa ta cike giɓin da mafi munin abin da take tsoro. Malamanmu sun daɗe da ambaton wani nau'in mafarki da ba komai ba ne face zancen zuci, wato abin da mutum ya yini yana saƙawa. Iyaye maza masu tashi da dare su ma ba su tsira daga gare shi ba.

Amma akwai iyaka. Mafarkin da ke watsewa da zarar an ga jariri lafiya, na gajiya ne da kulawa. Idan kuwa uwa ta kasa barci ko da yaron na barci, ko wahalar naƙudarta ce ke dawo mata dare bayan dare, ko baƙin ciki ya wuce mako biyu bai sake ta ba, ta ga likita. Idan a farke take jin muryoyi, ko ta haƙiƙance an musanya mata ɗa, wannan rikicewar tunani ce ta bayan haihuwa, wadda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu, kuma asibiti take buƙata a ranar.

Haɗarin da mafarkin ke nunawa ma na gaske ne, musamman idan barci ya kwashe mutum a kan kujera da jariri a hannu. Tun daga wannan dare muka yi tsari da Inna. Duk sa'ad da na gama shayarwa, sai in kwantar da shi rigingine a katifarsa, in faɗa a fili cewa na ajiye shi, ita kuma ta amsa. Tana kuma karɓar sa bayan sallar Asuba in yi barcin awa biyu a jere. Mafarkin ya sake zuwa sau biyu ko uku, kafin mu yi arba'in ya ɗauke.